Ganyen masara ya yi rawaya: yuriya za ka saya, magani, ko ruwa za ka jira?

Masara ta kai sati biyar, an yi noman farko, ka shiga gona da hantsi sai ka ga koren nan ya koɗe, ganye ya fara ɗaukar ruwan ɗorawa. Kuɗin da ke aljihunka ba su wuce na buhun taki ɗaya ba. Maƙwabcin gona ya ce yunwa ce, ka zuba yuriya. Mai shagon magani ya ce cuta ce, ga kwalba. Wani dattijo ya ce ka bar ta, ƙishi take ji, ruwa na sauka za ta miƙe. Kowannensu yana iya yin daidai, amma a gonarka ta yau ɗaya ne ya fi kusa da gaskiya, kuma ganyen kansa zai gaya maka wane ne, in ka san inda za ka duba. Yuriya tana maganin rawaya iri ɗaya ne tak. In ka zuba ta a kan sauran, kuɗinka ne suka tafi, wani lokaci har da masarar.

Abubuwa huɗu da za ka duba kafin ka taɓa aljihu

Na farko, wane ganye ne ya fara? Ka durƙusa ka dubi na ƙasa, sannan ka miƙe ka dubi sababbin da ke fitowa daga tsakiyar kai. Wannan tambayar kaɗai tana raba rabin gardama.

Na biyu, yaya siffar rawayar take a jikin ganye guda? Ta shafe shi ne sumul, ko zane-zane ne, ko tabo? Daga tsinin ganye ta taso ta bi jijiyar tsakiya, ko ta gefe-gefe ta bi?

Na uku, yaya ta bazu a gonar? Ka koma bakin gona ka hango. Duk kunyoyin ne suka koɗe tare, ko wani ɓangare ne kamar tudu ko kwari, ko kuwa gindi ɗaya nan ɗaya can a tsakiyar lafiyayyu?

Na huɗu, me ƙasa ke ciki, kuma me ganyen ke yi tsakanin asuba da azahar? Ka tona da fartanya zurfin santimita 15 kusa da kunya, ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule a hannunka akwai danshi. In ta zube kamar gari babu. Kuma gonar da ake zargi sai an je mata sau biyu a yini, da sassafe da kuma tsakar rana. Wanda ya je sau ɗaya rabin labari ya ji.

Da waɗannan za mu gane ciwon. Shi kuma maganin da za ka zaɓa, za mu auna shi da kuɗin da zai ci, da tsawon lokacin da amfaninsa zai kai, da sauƙin aikinsa, da asarar da za ka yi in ka yi kuskuren ganewa.

Yunwar naitirojin

Naitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya mai sa ganye ya yi kore, yana yawo a jikin shuka. Idan abin da saiwa ke samu a ƙasa bai isa ba, masara tana kwashe wanda ke cikin tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, kamar uwar da ta rage nata tuwon ta ƙara wa na goye. Shi ya sa rawayar take farawa daga ganyen ƙasa, tana hawa sama ɗaya bayan ɗaya, alhali na kai yana nan da ɗan korensa, ko da ya koɗe.

Siffarta ba ta ɓuya. Tsinko ganye na uku ko na huɗu daga ƙasa ka shimfiɗa a tafin hannunka. Za ka ga rawayar ta fara daga tsinin ganyen, ta gangaro ta jijiyar tsakiya tana tsukewa, kamar bakin mashi da ya nufi kara, gefuna biyu kuma suna nan kore. In abin ya daɗe, tsinin ya bushe ya zama ruwan ƙasa, bushewar ma ta bi wannan hanyar. Babu tabo, babu zane, babu gari a jiki. Kara siriri ne, masarar ba ta kai tsayin sa'o'inta ba, kuma da tsakar rana ganyen a buɗe yake, bai naɗe ba.

Daga bakin gona za ka ga koɗewar ta shafi fili ne gaba ɗaya. Abin da ke ƙara tabbatar maka shi ne wuraren da suka tsira: inda aka taɓa jibge takin gida, inda shanu suka kwana da rani, gindin gawo, tsohuwar shuri. In waɗannan wuraren sun yi kore shar a tsakiyar gona mai rawaya, kusan an gama magana. Ta fi kama jigawa mai yashi, musamman bayan ruwa mai yawa a jere, domin ruwan yana wanke takin ya kai shi inda saiwa ba ta kaiwa.

Akwai 'yan uwanta biyu da ake rikita su da ita. In rawayar da ƙonewar ta bi gefen tsohon ganye ne ta bar tsakiya kore, wannan ƙarancin fotash ne, yuriya ba ta da shi, kamfa ke da shi. In kuma sababbin ganyen sama ne suka koɗe sumul na ƙasa suna kore, a fi zargin ƙarancin salfa, wadda takin sufa ke ɗauke da ita.

Maganin yunwar naitirojin yuriya ne. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Buhun kamfa NPK 15-15-15 kilo 7 da rabi kawai yake da shi, wato sai ka haɗa buhu uku kafin ka kamo yuriya ɗaya. Don haka wanda ya riga ya sa kamfa a farko, sayen wata kamfar don maganin wannan rawayar hanya ce mai tsada. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa a yankunan masara irin su Saminaka, Giwa da Funtuwa ita ce kimanin kilo 120 na naitirojin a hekta: kamfa buhu 8 a cikin sati biyun farko, yuriya buhu 2 da rabi zuwa 3 tsakanin sati na huɗu da na shida. Ba kowa ke iya wannan ba, na sani, amma yana da kyau mutum ya san nisan da ke tsakaninsa da ma'aunin.

Aikin ba wuya, sai dai yana son haƙuri. A huda rami da tsinke ko sanda, nisan yatsu huɗu daga gindi, a zuba abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, a rufe da ƙafa. Yuriyar da aka watsa a sarari cikin rana, wani kaso nata iska ke tafiya da shi. Wadda ta faɗa cikin kan masara ko ta manne da gindi kuma ƙuna take yi. In akwai danshi, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma sababbin ganye za su fito kore. Waɗanda suka riga suka bushe ba za su dawo ba, kada ka auna nasara da su.

Amfaninta na damina ɗaya ne, kuma ƙofarta tana rufewa. Daga lokacin da masara ta kai gwiwa zuwa fitar kai ne take jan naitirojin da ƙarfi. In ta riga ta yi goyo, gemu ya fara bushewa, buhun da ka zuba ba zai mayar maka da kuɗinsa yadda ya kamata ba. A wannan matakin ma, ganye biyu ko uku na can ƙasa su bushe ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ko rawayar ta hau har kusa da ganyen da goyo ke zaune a kansa.

Takin ruwa da ake fesawa a ganye yana iya ɗan gyara launi, amma a yi lissafi: kwalbar lita ɗaya ba za ta ɗauki abin da buhu ke ɗauka ba. Masarar da ke neman naitirojin kilo ashirin ko talatin ba za ta ƙoshi da feshi ba.

Cuta

Cuta ba ta shafe ganye sumul. Tana yin zane ko tabo, kuma ba ta kama gona baki ɗaya a rana guda. Za ka ga mai ciwo a tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai lafiya, a kunya ɗaya, sun ci taki ɗaya, sun sha ruwa ɗaya. Yunwa da ƙishi ba sa irin wannan zaɓen.

Wadda aka fi rikitawa da yunwa ita ce cutar zanen ganye. Ɗaga ganyen sama ka sa shi tsakaninka da rana: za ka ga siraran layuka fari-fari ko rawaya, a tsittsinke, suna bin tsawon jijiyoyi, kamar an ja su da allura. A sababbin ganye suke. Ganyen ƙasa, waɗanda suka fito kafin cutar ta shiga, suna nan kore lafiya. Wannan kishiyar yunwar naitirojin ce sak, sama da ƙasa sun juya. Wani ɗan ƙwaro ne mai tsalle, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yake ɗauko ta daga ciyawa ko wata masarar ya zuba a lokacin da yake tsotsar ganye. Ta fi yawa a shukar baya, da kuma wuraren da ake noman rani masara ba ta yankewa. In ta kama shuka tun tana ƙarama, sai ta tsugune, goyon ya zama ɗan mitsitsi ko babu. In ta kama bayan ta girma, asarar kaɗan ce.

Babu maganin da ke warkar da gindin da ya kamu, na feshi ko na zubawa. Abin yi a bana shi ne tuge waɗanda suka tsugune tun suna ƙanana a fitar da su daga gona, da tsabtace ciyawar gefe. Maganin gaske na baɗi ne: shuka da wuri tare da jama'a, da iri mai jure cutar. Masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, sun daɗe da samar da irin masara mai jure ta, kuma ingantattun iri da yawa da ake sayarwa yanzu, ciki har da jerin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, an gina su a kan wannan aikin. Ka tambayi malamin gona wanne ya dace da tsawon daminarku. Kuɗin iri kaɗan ne a kan na taki, kuma kariyar tana tare da shukar har girbi.

Ta biyu ita ce ƙunar ganye da fumfuna ke kawowa. Ita daga ƙasa take farawa kamar yunwa, shi ya sa take ruɗarwa, amma tabo take yi: dogo, mai tsini a kai biyu kamar ƙaramin kwalekwale, launin toka ko ruwan ƙasa, tsawonsa daga gaɓar yatsa har ya kai tafin hannu. Tabon yana iya faɗowa ko'ina a ganyen, ba dole daga tsini ba. Tana son Agusta, lokacin raɓa mai nauyi da hadari kullum. Akwai kuma tsatsa, ƙananan ƙuraje da in ka shafa sai gari ja-ja ya biyo yatsanka.

Waɗannan biyun feshin maganin fumfuna irin su mankozeb yana rage yaɗuwarsu, amma kare ganyen da bai kamu ba yake yi, ba ya goge tabon da ya riga ya fito, kuma ruwan sama yana wanke shi, sai an maimaita. A ganina, ga mai ƙaramar gona, feshin yana biyan kansa ne kawai in tabon yana hawa zuwa ganyen goyo tun kafin masara ta fitar da kai ko daidai lokacin. In ƙwaya ta riga ta yi ƙarfi, bar kuɗinka. Mai ɗorewa shi ne kada a maimaita masara a kan masara kowace shekara, domin cutar tana kwana a cikin karan bara.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya fesa maganin tsutsa a kan rawayar ganye. Tsutsar nan da ta shigo Najeriya a 2016 huda ganye take yi, ta bar kashinta kamar dusa a cikin kan masara. In babu huji babu dusa, maganinta ba shi da aiki a gonarka.

Fari

Ƙishi ba da rawaya yake fara magana ba. Da naɗewa yake farawa. Da tsakar rana ganyen sama sun nannaɗe sun miƙe tsaye kamar na albasa, koren ya dushe ya koma toka-toka, babu sheƙi. Ka dawo da asuba: in sun buɗe sun miƙe, masara tana kare kanta ne, ba ta kai ga halaka ba. In ka same su a naɗe tun kafin rana ta fito, abin ya yi nisa. Sai daga baya ganyen ƙasa ke yin rawaya su bushe. A gona kuma yana bin ƙasa: tudu da yashi su fara, kwari ya biyo baya.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Saiwa ba ta cin taki a bushe, sai ya narke a ruwa. Saboda haka masarar da ke cikin fari tana iya nuna bakin mashin nan na yunwar naitirojin a ganyen ƙasa, alhali takin yana nan kwance a gindinta. Manomi ya ga alamar, ya tabbata yunwa ce, ya ƙaro yuriya a busasshiyar ƙasa. Wata ta tashi a iska, wata ta zauna kamar gishiri kusa da saiwa ta ƙara mata ƙuna. Duk inda naɗewar ganye da busasshiyar ƙasa suka haɗu da rawaya, ƙishi ne a gaba, ko da yunwar tana bayansa.

Jira ba ya cin ko sisi, kuma masarar da ba ta kai fitar kai ba tana da juriya fiye da yadda ake zato. Kwana goma na fari a sati na huɗu yana rage mata tsayi, amma tana farfaɗowa. Lokacin da ba ta yafewa shi ne sati biyu kafin fitar kai da sati biyu bayansa. In ƙishi ya same ta a nan, gemu yakan makara fitowa, garin furen sama ya zube ya ƙare, sai a sami goyo mai gibi ko totuwa zalla. Wanda ke kusa da rafi ko yana da rijiya da injin ban ruwa, in man da zai iya saya na ba da ruwa sau ɗaya ko biyu ne, a wannan lokacin ya kamata ya kashe shi. Wanda ba shi da ruwa, ya cire ciyawa da hannu ko ya yi noma sama-sama don kada ta raba ɗan danshin da masara, amma kada ya zurfafa fartanya ya yanke saiwa.

Tarko biyu

Ruwa in ya yi yawa shi ma rawaya yake kawowa. A fadama ko kwarin da ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku, saiwa ba ta samun iska, takin ma yana salwanta. Alamar a ganye irin ta yunwa ce, amma ƙafarka na nutsewa a laka. A fara yanke wa ruwan hanya, a bar ƙasa ta tsane, sannan a yi maganar yuriya.

Ɗayan shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tana manne wa saiwar masara tana tsotsa tun tana ƙarƙashin ƙasa, makonni kafin ta ɓullo da furenta mai ruwan hoda. Masarar sai ta tsugune, ta yi rawaya da ɗigo-ɗigo, ta yi yaushi kamar mai ƙishi alhali ƙasa a jiƙe take. In ka ga yaushi a kan danshi, kuma ka san gonar ta yi wuta-wuta a dawa ko masarar bara, tona gindi ɗaya a hankali, za ka ga fararen tsiro manne da saiwa. Yuriya tana ɗan taimaka wa masarar ta jure, amma ba ta kashe ta. Sai tugewa kafin ta zubar da iri, domin irinta yana zama a ƙasa fiye da shekara 10, da juya gona da waken suya, da iri mai juriya irin SAMMAZ 15.

| Abin dubawa | Yunwar naitirojin | Cuta | Fari |
|---|---|---|---|
| Ganyen da ya fara | Na ƙasa | Zane: na sama. Tabo: na ƙasa | Naɗewa a sama, bushewa a ƙasa |
| Siffa | Sumul, daga tsini ta bi tsakiya | Layuka, tabo ko ƙuraje | Toka-toka, a naɗe |
| A gona | Fili guda, ban da wuraren takin gida | Ɗaya nan ɗaya can | Tudu da yashi da farko |
| Ƙasa | Da danshi | Da danshi | A bushe |
| Abin yi | Yuriya a rami | Tugewa, feshi in tabo ne, canza iri | Jira ko ban ruwa |
| Kuɗi | Masu yawa | Iri da sauƙi, feshi matsakaici | Jira kyauta, ban ruwa kuɗin mai |
| Ɗorewa | Damina ɗaya | Iri har girbi, feshi kwanaki | Sai ruwa na gaba |
| In ka yi kuskure | Asarar buhu, ƙuna a fari | Asarar kuɗin magani | Lokacin taki ya wuce |

Yadda muka yi da gonar ƙanena

Rabin hekta ce a wajen Giwa, ta gangaro daga tudu zuwa ɗan kwari. Ya yi shuka santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin gindi, wato wajen gindi 26,000. Ya sa kamfa buhu 2 a sati na biyu. A sati na biyar ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, sai ga shi da yamma hankali a tashe.

"Yaya, masarar nan ta koɗe gaba ɗaya. Gobe zan ɗauko yuriya in watsa."

Na ce ya bari mu je tare da asuba, mu sake komawa da azahar. Da asuba duk ganye a buɗe yake. Da azahar na tudu sun naɗe, na kwari ba su naɗe ba. Muka tona: a tudu ƙasa ta zube daga hannu, a kwari ta dunƙule. Ganyen ƙasa kuwa, tudu da kwari duka suna da bakin mashin. To na kwarin nan ba ya jin ƙishi amma yana nuna alamar, ke nan yunwar ta gaske ce, ba farin ne kaɗai ya jawo ta ba. Wurin da ya taɓa sauke takin shanu a bakin hanya ma ya yi kore shar.

Lissafi ya goyi bayan ganye. Rabin hekta tana neman kilo 60 na naitirojin, kamfa buhu 2 kilo 15 suka ba ta. Muka kuma ƙirga gindi 100 a jere, muka sami huɗu masu siraran layuka a ganyen sama. Biyu sun tsugune, muka tuge su. Huɗu cikin ɗari ba abin sayen magani ba ne.

Buhu ɗaya yake da kuɗinsa. Kilo 50 a raba wa gindi 26,000, kowanne ya sami kusan giram 2, ƙasa da cikin murfin kwalba. Kwarin muka sa wa washegari da yamma, a rami, aka rufe. Tudun muka bari. Ruwa ya sauka bayan kwana uku, da ƙasa ta tsane ya sa wa sauran. Bayan kwana takwas sababbin ganyen kwari sun fito kore, na tudu suka biyo baya. Jimillar abin da gonar ta samu kilo 38 ne, ba ta kai ma'auni ba, kuma ganyen ƙasa sun sake koɗewa wajen goyo. Amma buhun ya shiga masara, bai tashi a iska ba. Biyun masu zane da muka bari haka suka tafi da zanensu har girbi, takin bai canza musu komai ba.

Wanne ya dace da kai

In rawayar daga ƙasa take, sumul, da bakin mashi, ƙasa da danshi, masara kuma ba ta fitar da kai ba, sayi yuriya yau, kada ka jira kasuwa ta gaba. In kuɗinka ba su kai buhu ba, sayi mudu, ka fara da ɓangaren da ya fi tsayuwa mai kyau kuma babu ciyawa, domin nan ne kowane murfi zai fi haihuwa.

In ganye na naɗewa kuma ƙasa ta bushe, riƙe buhunka a ɗaka a ɗaure, ka cire ciyawa, ka sa takin bayan ruwa mai kyau ya sauka. Mai injin ban ruwa ya ba da ruwa tukuna, taki ya biyo baya.

In layuka ne a ganyen sama, a gindi ɗaiɗai, kada ka sayi komai dominsu. Tuge waɗanda suka tsugune, ka ciyar da lafiyayyun yadda ka tsara, ka ware kuɗin ingantaccen iri na baɗi.

In dogon tabo ne ko tsatsa, dubi inda ya kai da kuma inda masarar ta kai. Yana hawa kafin goyo, ga hadari kullum, a yi feshi. Ƙwaya ta yi ƙarfi, a bar shi.

In kuma alamun sun cakuɗe ka kasa rabewa, akwai gwajin da bai kai kuɗin kwalbar magani ba. Zaɓi kunya biyu a tsakiyar wurin da ya koɗe, gindi 40 kowacce, ka sa musu yuriya murfi ɗaya-ɗaya a ƙasa mai danshi. Duka bai kai rabin kilo ba. Ɗaura tsumma a bakin kunyoyin, ka dawo bayan sati ka gwada su da na gefensu. Sun fi kore, yunwa ce, sa wa sauran. Ba su bambanta ba, tona saiwa ka nemi wuta-wuta ko gara, ko ka tsinki ganye uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, ka kai wa malamin gona. Wannan gwajin na mai masarar sati huɗu ko biyar ne. Wanda tasa ta kai sati bakwai ba shi da satin da zai bayar, sai ya yanke hukunci da abin da ganyen ƙasa da damƙar ƙasa suka nuna masa a ranar.